Fashin baƙi: Me ya sa lagwani ɗaya ke fitar da mutum daga kasuwar da ke hawa, kuma yaya ake ɗaura birkin da zai jure?

Duk lokacin da farashin zinare ya kama hanyar sama, ƙorafi iri ɗaya ake ji a majalisun matasanmu na Jidda da Makka masu saye da sayarwa ta waya. Mutum zai ce ya karanta kasuwa daidai, ya saya a wuri mai kyau, farashi ya hau, sai a cikin minti biyu ya yi wata irin sulluɓowa ƙasa, ya taɓa birkinsa, aka rufe masa ciniki, sannan ya koma sama ya ci gaba da tafiya ba tare da shi ba. Wani ƙanena da ke aiki a shagon kayan waya ya miƙo mini tasa wayar wani dare bayan Isha'i, muna shan shayi a unguwar Hindawiyya, ya ce: “Yaya, duba don Allah. Kamar da ni aka yi. Wurin da na ajiye birkina kawai ya je ya taɓa ya dawo.” Na duba. Ya sayi zinare, ya sa birki mai bin farashi da tazarar dala 5 kacal, a kasuwar da ke kai da komowar sama da dala 20 a rana ta yau da kullum. Tambayar ita ce: shin ana iya bin hauhawar farashi da birki, a kare ribar da aka samu, ba tare da irin wannan girgizar ta wurgar da mutum ba? Ana iyawa, amma akwai kuɗin da ake biya, kuma gara a san shi tun kafin a shiga.

Birki mai bin farashi da lagwani

Birkin asara, wanda ke rubuce `Stop Loss` a manhaja, umarni ne da kake bari cewa idan farashi ya sauko zuwa wuri kaza, a sayar maka. Birki mai bin farashi, `Trailing Stop`, shi ma haka yake, sai dai yana matsawa sama duk lokacin da farashi ya kafa sabon tsayi, kuma ba ya komawa ƙasa. Idan ka sa tazarar dala 20, farashi ya kai 2,450, birki na 2,430. Ya kai 2,470, birki ya koma 2,450. Ya sauko, birki na nan inda yake yana jira.

Lagwani kuwa siririn layin nan ne da ke fita daga jikin kyandir a taswirar farashi. Jikin kyandir yana nuna inda aka buɗe da inda aka rufe, lagwani yana nuna iyakar inda farashi ya leƙa kafin ya dawo. Dogon lagwani a ƙasan kyandir na nufin an sayar da ƙarfi na ɗan lokaci, masu saye suka tare, suka mayar da farashi. Matsalar ita ce birkin da ke manhaja bai san bambanci tsakanin leƙawa da zama ba. Taɓawa ɗaya ta daƙiƙa ɗaya ta ishe shi ya rufe ciniki.

Akwai kuma wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. A manhajar ciniki ta MetaTrader ana auna tazarar da maki, kuma a wurin dillalan da ke rubuta farashin zinare da lamba biyu bayan ɗigo, maki 100 ne dala ɗaya. Ƙanen nan nawa ya rubuta 500, yana ganin adadi ne babba, alhali dala 5 ce.

Daga ina lagwanin yake fitowa?

Da yawa sun yi imani dillali ne ke kallon birkinsu yana farautarsa. Ba zan rantse wa kowane dillali ba, musamman waɗanda ba su da lasisin kowace hukuma, waɗanda ake tallata su a rukunonin WhatsApp. Amma akwai hanya mai sauƙi ta gane gaskiya: buɗe taswirar wani dillali daban, ko ta kasuwar zinare ta COMEX, ka duba minti ɗin da abin ya faru. Idan lagwanin na ko'ina, kasuwa ce ta motsa. Idan a wurin dillalinka kaɗai yake, to abin gyaran ba birki ba ne, wurin da ka ajiye kuɗinka ne.

Mafi yawan lokuta lagwanin na ko'ina, kuma dalilinsa cunkoso ne. Dubban mutane suna kallon taswira ɗaya, sun koyi darasi ɗaya, don haka suna ajiye birkinsu a wuri ɗaya: ƙasa kaɗan da gindin jiya, ko ƙasa da cikakkiyar lamba irin 2,400. Kowane birkin mai saye umarnin sayarwa ne da ke kwance. Da farashi ya taɓa na farko, sayarwar ta tura shi zuwa na biyu, na biyu ya tura zuwa na uku, har a cinye su duka. A nan manyan masu saye ke samun kaya da araha, farashi ya dawo. Ba a san ka ba, ba a san sunanka ba, ka dai tsaya ne inda jama'a suka taru.

Lokaci ma yana da nasa hannu, kuma mu da ke Saudiyya ya kamata mu riƙe shi da agogonmu. Rahoton ayyukan yi na Amurka yakan fito galibi a Juma'ar farko ta wata, ƙarfe 8:30 na safe a New York, wato 3:30 na yamma a nan lokacin zafi, 4:30 lokacin sanyi. Mutum ya dawo daga masallaci, ya ci abinci, ya kishingiɗa, ya farka ya tarar an yi ruwa an ɗauke. Sai kuma sa'ar rufe ranar ciniki, ƙarfe 5 na yamma a New York, wato sha biyun dare a nan lokacin zafi da ɗayan dare lokacin sanyi. A wannan ɗan taƙin masu ciniki kan yi ƙaranci, ratar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa ta buɗe. Birkin mai saye da farashin `Bid` yake aiki, wato farashin da dillali zai saya daga hannunka, kuma idan rata ta buɗe `Bid` kan faɗo ko da tsakiyar farashi bai gusa sosai ba. Birkin da ke manne da farashi ba ya tsira daga wannan.

Wani lokacin kuma lagwanin ba ƙarami ba ne. Da sanyin safiyar Litinin 9 ga Agusta 2021, a buɗewar kasuwannin Asiya, zinare ya faɗo daga wajen dala 1,760 zuwa ƙasa da 1,690 cikin mintuna, sannan ya farfaɗo da yawancin abin da ya zubar a ranar. A 19 ga Mayu 2021 Bitcoin ya leƙa wajen dala 30,000 ya koma kusa da 40,000 kafin gari ya waye. Babu birkin da ke kusa da zai tsira a irin wannan rana, kuma wanda ba shi da birki ko ɗaya yana ciniki da bashin dillali, shi ma asusunsa na iya ƙonewa kafin farashin ya dawo.

Tazarar da kasuwa ke faɗa da bakinta

Kuskuren farko shi ne mutum ya zaɓi tazara daga abin da zuciyarsa za ta iya ɗauka: “Ba na son in rasa fiye da riyal hamsin.” Kasuwa ba ta san aljihunka ba. Tazara daga numfashin kasuwar ake ɗauko ta, kuma ma'aunin da aka saba amfani da shi shi ne `ATR`, wanda J. Welles Wilder ya fito da shi a 1978. Yana auna matsakaicin faɗin motsin kowane kyandir, daga ƙololuwa zuwa gindi, har da tsallaken da aka yi daga rufewar jiya, galibi a kan kyandir 14. Idan `ATR` na taswirar yini ya nuna 25, ma'anarsa zinare na yawon kusan dala 25 a rana ba tare da wani abu ya faru ba. Duk birkin da ke cikin wannan faɗin, rana mai lafiya ma za ta ɗauke shi.

A kan wannan Chuck LeBeau ya gina birkin da ake kira `Chandelier Exit`: a ɗauki wuri mafi tsayi da farashi ya kai, a sauko da ninki uku na `ATR`, nan ne birki. Yadda aka saba saita shi, kyandir 22 da ninki 3. Ni nakan yi masa gyara biyu, kuma su ne zuciyar wannan bayani.

Gyara na farko: a rataye birkin daga rufewa mafi tsayi, ba daga ƙololuwar lagwani ba. Lagwanin sama ma yaudara ce. Idan farashi ya yi tsalle sama da dala 30 na minti ɗaya ya dawo, birkin da ke bin ƙololuwa zai hau da dala 30 ya maƙale can, ya zama kusa da farashi ba gaira ba dalili. Gyara na biyu: ba a fita sai kyandir ya rufe ƙasa da layin. Taɓawa ba ta isa ba.

```
layi = max(layin_jiya, rufewa_mafi_tsayi - 3 * ATR(14))
fita idan rufewar_yau < layi
```

Wannan `max` ɗin ba ado ba ne. Bayan dogon lagwani `ATR` kan kumbura, lissafi ya nuna layi ya sauko, zuciya kuma ta ce a bi shi ƙasa. Ba a bin sa.

Mu bi ciniki ɗaya daga farko har ƙarshe

Lambobin nan na misali ne, na zaɓe su don lissafi ya yi sauƙi. Riyal dai tana ɗaure da dala a kan 3.75 tun 1986, don haka juyawar ba ta da wahala.

A ce kana da riyal 25,000 a asusu, ka kuma yanke cewa ba za ka rasa fiye da kashi 2 cikin ɗari a ciniki ɗaya ba, wato riyal 500, kusan dala 133. Zinare ya rufe a 2,400, `ATR` na yini yana 25, ka saya. Layin rufewa yana 2,400 ban da 75, wato 2,325. Wannan layin a littafinka yake, ko a matsayin ƙararrawa a waya, ba a wurin dillali ba. Abin da ke wurin dillali shi ne birki na biyu, birkin bala'i, a ninki biyar na `ATR`: 2,400 ban da 125, wato 2,275. Shi ne zai yi aiki idan duniya ta kife kana barci.

Girman cinikin daga birkin bala'i ake lissafa shi, domin shi ne mafi munin abin da ka amince ya same ka. A wurin yawancin dillalai, idan ka rubuta `0.01` a gurbin girman ciniki na zinare, oza ɗaya ce, dala ɗaya ta motsi dala ɗaya ce a aljihunka. Tazarar dala 125 ta zama kusan riyal 469, tana cikin iyakar 500. Saboda haka `0.01` za ka saya, ba ƙari. Na san yadda wannan ke yi wa matashi nauyi, ya ga yana da riyal 25,000 amma oza ɗaya aka ce ya riƙe. Mai riyal 5,000 kuwa, gaskiyar magana asusunsa bai kai ya yi wannan tsari a taswirar yini ta zinare ba. Matse birki don ya dace da ƙaramin asusu shi ne ainihin abin da ke kai mutum bakin lagwani.

Bayan kwana takwas, rufewa mafi tsayi ta kai 2,460, `ATR` yana 24. Layi ya hau zuwa 2,460 ban da 72, wato 2,388. Birkin bala'i ka matsar da shi da hannunka zuwa 2,340. Sai Juma'ar rahoto ta zo. Ƙarfe uku da rabi farashi ya leƙa 2,451, ya juyo ya zube har 2,381, ƙasa da layinka da dala 7. Wanda ya ajiye birkinsa a manhaja a 2,388 an fitar da shi da asarar dala 12 ko fiye. Mai tazarar dala 20 tun kwanaki ya fita. Kai ba ka yi komai ba, domin rana ba ta rufe ba. Da dare ta rufe a 2,436, sama da layi da dala 48.

Yanzu lissafi. Faɗin wannan rana dala 70 ne. Ta hanyar Wilder, sabon `ATR` shi ne 24 sau 13, a ƙara 70, a raba da 14, ya ba da kusan 27.3. Ninki uku ya zama 82, lissafi ya ce 2,378. Wannan ƙasa yake da layin jiya, don haka layi na nan a 2,388. Idan ka ga adadin `ATR` na MetaTrader ya ɗan bambanta da na manhajar TradingView kada ka damu, hanyar fitar da matsakaicinsu ce ba ɗaya ba. Zaɓi ɗaya ka zauna a kansa.

Makonni suka wuce, rufewa mafi tsayi ta kai 2,600, `ATR` yana 28, layi ya kai 2,516. Daga nan kasuwa ta gaji. Kwana huɗu tana saukowa, a na biyar ta rufe a 2,507. Ka sayar a nan. Ribarka dala 107, kusan riyal 401, kafin a cire kuɗin kwana da dillali ke caja. Amma ka taɓa ganin ribar dala 200 a allo, ka mayar wa kasuwa da 93 daga ciki. Wannan shi ne kuɗin da na ambata tun farko. Birkin da ke da faɗin da zai jure lagwani, dole yana da faɗin da zai bari a ci wani ɓangare na ribarka a ƙarshen tafiya.

Masu cewa a'a, da abin da suke da gaskiya a kai

Akwai tsofaffin hannu da ba su yarda da jiran rufewa ba sam. Hujjarsu ita ce, a lokacin da farashi ke zubewa ba wanda ya san lagwani ne ko rushewa, sai bayan an gama ake sa masa suna. Wannan gaskiya ne. A misalinmu, da ranar Juma'ar nan farashi bai dawo ba ya rufe a 2,350, da ka fita da asarar dala 50 inda mai birkin taɓawa ya fita da 12. Jiran rufewa yana ceton ka daga lagwani da yawa, amma ranar da ba lagwani ba ne, za ka fita a wuri mafi muni.

Hujjarsu ta biyu ta fi ƙarfi: layin da ke littafi yana buƙatar mutum mai cika alkawarin da ya yi wa kansa. Sha biyun dare ta yi, kyandir ya rufe ƙasa da layi da dala 9, sai ka ji kanka kana cewa bari a ga gobe. Wanda ya san yana da wannan hali, gara masa birkin taɓawa mai faɗi, ninki uku da rabi ko huɗu, a wurin dillali, ya yarda wani lokaci za a fitar da shi ba da haƙƙi ba. A ganina jiran rufewa ya fi ga mai bin hauhawa ta makonni, amma da sharaɗin birkin bala'i yana zaune a wurin dillali koyaushe. Shi kansa birkin bala'in ba garanti ba ne. Idan kasuwa ta yi tsalle a buɗewar Litinin, ko irin tsallen da darajar kuɗin Suwizalan ta yi cikin mintuna a 15 ga Janairu 2015, ana cika umarni ne a farashin farko da aka samu, ko da ya yi nisa da wanda ka rubuta.

Wani abin da ke cutar da mutanenmu masu aikin shago da tuƙi: `Trailing Stop` na MetaTrader a cikin na'urarka yake aiki, ba a na'urar dillali ba. Ka rufe kwamfuta ko intanet ta yanke, birki ya daina hawa, ya tsaya a wuri na ƙarshe da aka aika. Matsarwa da hannu sau ɗaya a rana, bayan rufewa, ta fi wannan aminci. Masu cinikin kirifto kuma su duba ko birkinsu da `Last Price`, wato farashin cinikin ƙarshe a dandalin, yake tashi ko da `Mark Price`. Na biyun ana haɗa shi ne daga farashin kasuwanni da dama, don haka lagwanin dandali ɗaya bai cika taɓa shi ba.

Ban manta da tambayar halacci ba. Zinare kaya ne da shari'a ta gindaya wa sharaɗin hannu da hannu, kuma malamai da yawa suna da magana mai nauyi a kan cinikinsa da bashin dillali. Wannan a kai wa malami, ba taswira ce za ta amsa ba. Lissafin da kansa bai keɓanta da zinare ba. Wanda ke da damar sayen hannun jari a Tadawul, kasuwar hannun jarin Saudiyya, zai ma fi jin daɗinsa, domin kasuwar Lahadi zuwa Alhamis take, tana tashi wajen ƙarfe uku na yamma, kuma a babbar kasuwa ba a barin farashi ya wuce kashi 10 cikin ɗari sama ko ƙasa a rana. Bayan La'asar ka duba rufewa, ka gyara layi, shi ke nan.

Yadda za ka gane ninkinka ya yi kaɗan ko ya yi yawa

Ninki uku mafari ne, kowace kasuwa da halinta. Koma baya a taswirar yini ka zaɓi hauhawa biyar ko shida da suka riga suka ƙare. A kowace, auna duk wata ja da baya da aka yi kafin a ci gaba da hawa: daga rufewa mafi tsayi zuwa rufewa mafi ƙasa, ka raba da `ATR` na lokacin. Idan yawancinsu ba su wuce ninki biyu da rabi ba, uku ya wadatar. Idan suna yawan kaiwa uku da rabi, ukun zai riƙa fitar da kai a tsakiyar tafiya. Aikin dare biyu ne da biro da takarda.

Bayan ka fara aiki da shi, riƙa rubuta abin da ya biyo bayan kowace fita. Idan sau da yawa farashi na kafa sabon tsayi cikin kwana biyar bayan fitarka, layin ya matse. Idan kuwa kana fita ne da ƙananan asarori a jere, farashi kuma bai je ko'ina ba bayan haka, ba ninki ne matsalar ba: kasuwar ce ba ta hawa, tana kai da komowa a wuri ɗaya. Alamarta a littafinka a fili take, rufewa mafi tsayi ba ta canza ba tsawon sati biyu ko uku, layi ma yana nan inda ka bar shi. Ƙanen nan nawa da ya yi wannan awon a kan zinare, ja da baya mafi ƙanƙanta da ya samu ta ninka tazararsa ta dala 5 sau da yawa. Yanzu ƙararrawar wayarsa tana kan sha biyun dare da minti biyar, kuma ya rubuta a bangon littafin cewa idan Amurka ta canza agogo a watan Nuwamba, zai mayar da ita ƙarfe ɗaya da minti biyar.